Tallar Neman Direbobin Tirela: Yadda Ake Faɗin Gaskiyar Albashi da Kwanakin Hanya

Tallar neman direba gajeriyar sanarwa ce da kamfanin dakon kaya ke fitarwa idan yana da mota amma ba shi da wanda zai damƙa wa ita. Ana manna ta a bangon gareji, ana karanta ta a rediyo, ana buga ta a jarida, kuma a yanzu ta fi yawo a WhatsApp daga wayar wannan direba zuwa ta wancan. Ba ta cika wuce kalmomi 200 ba, amma da ita mutum ke yanke shawarar barin ubangidan da ya sani ya koma wurin wanda bai taɓa gani ba. Shi kuma kamfani, ta hanyarta yake samun wanda zai ba wa tirela da kayan miliyoyin naira ya shiga daji da su shi kaɗai, daga shi sai yaron mota.

Abu na farko da mai rubuta irin wannan talla ya kamata ya sani shi ne wanda yake yi wa magana. Ƙwararren direban tirela ba kasafai yake zaman kashe wando ba. Yawanci yana da mota a hannu, ya san abin da yake samu a wata, kuma ya san abin da abokansa ke samu, domin a wuraren da manyan motoci ke yada zango, irin su Tafa da Mararrabar Jos da Ogere, hirar ke nan. Idan ya ji talla, lissafi yake yi: nawa ne zai shiga aljihunsa, kwana nawa zai yi bai ga iyalinsa ba, kuma idan mota ta lalace a hanya wa zai ɗauki asarar. Tallar da ba ta amsa waɗannan tambayoyi uku ba takan jawo masu nema da yawa, sai dai akasarinsu waɗanda ba su da zaɓi ne ko waɗanda hannunsu bai faɗa ba tukuna. Gwanin da ake nema yakan karanta ya wuce.

Matsalar ta fi fitowa a wajen kuɗi, saboda abin da direban doguwar hanya ke karɓa ba dunƙule yake ba. Kashi uku ne. Akwai albashin da ake biya ƙarshen wata ko mota ta fita ko ba ta fita ba. Akwai kuɗin sawu, wanda ake biya duk lokacin da aka je aka dawo. Sannan akwai kuɗin hanya, wanda ake ba direba kafin ya tashi don cin abinci da faci da sauran ƙananan hidimomi. Na ukun nan ba samu ba ne, domin a hanya yake ƙarewa. Yaudarar da ta fi yawa a tallar neman direbobi ita ce a tattara kashi ukun wuri ɗaya, a ɗauki watan da ya fi kowane kyau, a rubuta jimillar da manyan haruffa tare da kalmar “har”.

Misali zai fayyace wannan. A ɗauka wani kamfani ne a Kano da ke da tireloli masu jigila zuwa Legas. Suna tafiya da hatsi daga kasuwar Dawanau, su dawo da kayan masarufi. Alkaluman da ke tafe na misali ne kawai, don a ga yadda lissafin ke tafiya. Albashin direba naira 120,000 ne a wata. Kowane sawu, zuwa da dawowa, ana biyan naira 30,000. Kuɗin hanya naira 5,000 ne a rana, kuma sawu ɗaya yakan ci kwana takwas, wato naira 40,000. Manajan da ke gaggawar cike gurbi zai iya rubuta cewa direba yana samun “har naira 400,000 a wata”, kuma idan aka tsare shi zai nuna inda ya samo adadin: albashi, da kuɗin sawu huɗu naira 120,000, da kuɗin hanya na sawu huɗu naira 160,000. Lissafin ya fita daidai, amma babu direban da zai kai wannan kuɗi gida. Sawu huɗu masu kwana takwas-takwas kwana 32 ke nan, sun fi wata. Naira 160,000 kuwa an riga an cinye ta a wuraren sayar da abinci tsakanin Kaduna da Ibadan.

Abin da direban zai gani a zahiri shi ne sawu uku a wata mai kyau. Albashi da kuɗin sawu sun tashi naira 210,000. Idan kamfanin yana cikin tsarin fansho, dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin 100 daga ma'aikaci, kamfani ya ƙara kashi 10 daga aljihunsa. Kashi 8 na naira 120,000 shi ne naira 9,600, saura naira 200,400 kafin haraji. A watan da lodi ya yi ƙaranci aka yi sawu biyu, abin da zai rage naira 170,400 ne. Idan kuwa mota ta kwanta a gareji wata guda ana jiran kayan gyara, naira 110,400 kawai zai karɓa. Tsakanin abin da tallar ta ambata da abin da ke shiga hannu a wata mai kyau, kusan rabi ya ɓace.

Wannan adadi na ƙarshe, wato na watan da mota ba ta motsa ba, shi ne wanda kamfanoni suka fi ƙin rubutawa, alhali shi magidanci ya fi bukatar sani. Da shi yake auna kuɗin haya da na makarantar yara da cefanen da zai bari kafin ya tashi. Don haka tallar gaskiya takan fara da tabbataccen albashi, ta biyo da kuɗin sawu tare da yawan sawun da aka saba yi, sannan ta ambaci kuɗin hanya a gefe da sunansa. Idan ana son a faɗi jimilla, sai a faɗi daga nawa zuwa nawa, kuma a ɗauko alkaluman daga takardun biyan albashi na watanni shida da suka wuce, a duba abin da matsakaicin direba ya samu. Direban da ya fi kowa samu ba ma'auni ba ne, domin sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa tuƙin dare.

Akwai kuma batun yanke albashi, wanda tallace-tallace kan yi shiru a kansa sai ranar biya ta zo. Kamfanoni da dama suna yanka wa kowace hanya adadin litar man gas, idan direba ya wuce haka a cire daga kuɗinsa. Wasu suna cire kuɗin taya idan ta fashe, ko kuɗin buhun da ya yi ƙasa a wajen sauke kaya. Dokar ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 5, ta taƙaita wannan: ba a cin ma'aikaci tara haka kawai, kuma cire kuɗi saboda asarar da ya jawo da gangan ko da sakaci sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago, sannan jimillar abin da za a cire a wata ba za ta wuce kashi ɗaya bisa uku na albashin watan ba. Talla ba wurin zayyana doka ba ce, amma jimla ɗaya ta isa ta nuna matsayin kamfani: ko yana cire kuɗin mai ko ba ya cirewa, kuma idan yana cirewa, za a nuna wa direba adadin litar kowace hanya kafin ya sa hannu. Haka nan idan yaron mota daga aljihun direba ake biyansa, dole a faɗa, don wannan ma ragi ne a samunsa.

Lokutan aiki sun fi kuɗi wuyar rubutawa, saboda aikin doguwar hanya ba ya shiga ma'aunin ƙarfe takwas zuwa ƙarfe huɗu. Wannan ne ya sa ake fakewa da kalamai irin su “aiki ba dare ba rana” ko “ana neman mai juriya”, waɗanda ba su gaya wa kowa komai. Amma lokacin yana aunuwa idan an so. Daga Kano zuwa Legas kilomita 1,000 ne da ɗoriya. Ƙa'idar hanya ta Nijeriya ta kayyade wa tirela da tanka gudun kilomita 60 a awa a kan babbar hanya mai tagwayen layi, 50 a sauran manyan hanyoyi, 45 a cikin gari, kuma tun 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. Idan aka haɗa da ramuka da shingayen bincike da cunkoso, tuƙin kaɗai ya haura awa 20. Direban da ke tuƙin awa takwas a rana, yana tsayawa ya huta bayan kowace awa huɗu kamar yadda hukumar ke yawan jan hankali, kwana uku zai yi kafin ya shiga Legas. Duk kamfanin da ke sa ran mota ta isa a kwana biyu, to ya sani cewa yana neman tuƙin sama da awa goma a rana ne, ko tuƙin dare, ko duka biyun. Idan haka tsarinsa yake, gyaran da ake bukata a tsarin yake. Babu gwanintar rubutu da za ta mayar da shi abin da ya dace a tallata.

Ga direba, ma'aunin da ya fi awa ma'ana shi ne dare: dare nawa a waje, dare nawa a gida. A misalin kamfanin nan, kwana uku ne zuwa, kwana biyu na saukewa da jiran lodin dawowa, kwana uku na komowa. Kwana takwas ke nan, da dare bakwai a waje. Idan ana ba da hutun kwana biyu tsakanin sawu da sawu, sawu uku sun cika kwana 30 cif, direba ya kwana a waje dare 21, a gida dare tara. Wannan shi ne abin da za a rubuta, ba tare da ado ba. Sashe na 13 na dokar ƙwadago ya ba ma'aikaci hutun yini guda, awa 24 a jere, a cikin kowane kwana bakwai, kuma idan aiki ya ci hutun sai a rama masa ko a biya shi a matsayin ƙarin lokaci. Tunda sawun ya wuce mako, hutun da ke biye da shi hakki ne, kuma bai kamata talla ta gabatar da shi kamar wata kyauta ba.

Wurin da alkawari ya fi karyewa shi ne jira. Kwana biyun da aka ware na saukewa da lodi suna iya zama biyar idan mai kaya bai shirya ba ko lodin dawowa ya yi wuya. Motocin da ke shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa sun san wannan sosai. Tun 2021 aka shigo da tsarin kiran motoci ta manhajar Eto don rage dogon layi, amma har yanzu mota ba ta shiga sai an kira ta. A duk kwanakin nan direba yana bakin aiki, yana gadin mota da kaya, yana cin abinci daga aljihunsa, kuma sawun da zai yi a watan yana raguwa. Kamfanin da ke biyan wani abu kan kowace ranar da ta haura kwanakin sawu yana da babban abin jan hankali, kuma ya kamata ya sa shi kusa da farkon talla. Wanda ba ya biya, ya faɗa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma direban da ya karɓi aiki da saninsa ba ya ganin an cuce shi ranar da jiran ya same shi.

Idan an haɗa waɗannan duka, tallar kamfanin misalin za ta iya fitowa kamar haka:

“Ana neman direbobin tirela guda biyar, hanyar Kano zuwa Legas. Albashi naira 120,000 a wata, ana biya ranar 28 ta banki, ko mota ta fita ko ba ta fita ba. Kuɗin sawu naira 30,000, zuwa da dawowa. Direbobinmu kan yi sawu biyu zuwa uku a wata, wato naira 180,000 zuwa 210,000 kafin a cire fansho da haraji. Kuɗin hanya daban ne, naira 5,000 a rana, har da ranakun jira. Sawu kwana takwas ne, sai hutun kwana biyu a gida. Ba a tuƙi daga ƙarfe bakwai na dare zuwa asuba. Kamfani ne ke biyan yaron mota da gyara da taya. Ana auna man kowace hanya, za a nuna maka adadin kafin ka sa hannu. Sharuɗɗa: lasisi mai aji G da bai ƙare ba, shekara uku a kan tirela, mutum biyu da za su tsaya maka, gwajin tuƙi da gwajin ido. Ba a sayar da fom, ba a biyan kowa ko sisi. A zo ofishinmu Litinin zuwa Alhamis, ƙarfe tara zuwa ƙarfe biyu.”

Za a lura cewa babu yabon kai a cikinta. Ba ta ce kamfanin shi ne kan gaba ba, ba ta ce direbobi 'yan gida ne ba. Abin da ke jan gwani yana cikin bayanan kansu: ranar biya tsayayya, albashin da ba ya tsayawa idan mota ta tsaya, kuɗin ranakun jira, hana tuƙin dare, da ɗauke masa nauyin taya. Kowanne daga cikinsu amsa ce ga wani ciwo da direbobi suka sani a jikinsu. Idan kamfani yana da wasu abubuwa na gaske, sai ya ƙara: irin motocin da shekarunsu, misali ko Daf ce ko Hawo, ko akwai bakanike mai bin mota idan ta lalace a hanya, ko an yi wa ma'aikata rajista a asusun biyan diyyar raunin aiki wanda dokar 2010 ta kafa, ko akwai inshorar rai. Sharaɗin kawai shi ne kada a rubuta abin da ake shirin yi kamar an riga an yi shi. “Za mu sayo sababbin motoci” ba mota ba ce, kuma direba tsohuwar zai hau ranar da ya fara.

Sashen sharuɗɗa gajere ne amma yana rage wahala ga kowa. A tsarin lasisin tuƙi na Nijeriya, aji G ne na motoci masu jan bodi irin tirela, don haka ambatonsa yana tace masu nema tun daga gida. Batun masu tsaya wa direba ya kamata ya fito a talla, domin samun su yakan ɗauki kwanaki, kuma wanda ya taso daga Potiskum ko Funtuwa bai kamata ya ji labarin sai ya iso ba. Idan akwai watannin gwaji da albashinsu ya gaza na sauran, a rubuta tsawonsu da adadin. Jimlar “ba a sayar da fom” kuwa tana kare masu nema daga 'yan damfara da ke kwafar sunayen kamfanoni suna karɓar kuɗin rajista, tana kuma toshe ƙofar ma'aikacin cikin gida da zai so ya ci wani abu a kan masu neman aiki.

Harshe da hanyar isarwa su ma suna da tasiri. Direbobi da yawa sun fi saurare a kan karatu, wasu kuma da ajami suka fi sabawa, don haka yana da kyau a naɗi tallar da murya, a karanta ta yadda take ba ƙari ba ragi. Haɗarin yana wajen ƙari. Mai karantawa a rediyo ko ɗan kamashon da aka aika tasha yakan so ya zaƙa magana, sai naira 210,000 ta zama “kusan dubu ɗari uku” a bakinsa. Direba ba zai tuna cewa ɗan aike ne ya faɗa ba, kamfani zai riƙe. Idan tallar tana da Turanci da Hausa, a tabbatar alkaluman iri ɗaya ne, kuma kalmar albashi ba ta haɗiye kuɗin hanya a ɗayansu ba.

Akan ji masu kamfani suna cewa idan suka rubuta gaskiya, maƙwabcinsu da ya rubuta naira 400,000 zai kwashe direbobin. A makon farko hakan na iya faruwa. Amma alamun tallar da ta yi ƙari ba sa ɓoyuwa: sababbin direbobi suna ajiye makulli bayan albashin farko ko na biyu, gardama tana yawaita a ofishin biya, man gas yana fara yin ƙasa a hanya saboda wanda ya ga an rage masa yana neman cikewa da kansa, wasu kuma suna ɗaukar lodin gefe ko fasinja a saman kaya. Kowane direban da ya tafi yana barin mota a tsaye har a sami wani, a gwada shi, a binciki masu tsaya masa, kuma motar da ke tsaye ba ta kawo ko kwabo. Tallar gaskiya takan kawo mutane kaɗan, amma tambayoyinsu a ranar ganawa sukan koma kan mota da hanya, domin batun kuɗi an riga an gama shi a takarda.

Kafin a saki talla, akwai gwaji biyu masu sauƙi. Na farko, a karanta ta ga direbobi biyu ko uku da suka daɗe a kamfanin, a tambaye su ko abin da suka ji shi ne aikin da suke yi. Inda suka yi murmushi ko suka kau da kai, nan ne ƙarin yake. Na biyu, a ajiye ta kusa da takardar ɗaukar aiki a bi layi-layi. Sashe na 7 na dokar ƙwadago ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutaccen bayani cikin wata uku da fara aiki, mai ɗauke da irin aikin, da adadin albashi da yadda ake lissafa shi da lokacin biyansa, da lokutan aiki da hutu. Duk adadin da ke cikin talla wanda kamfani ba zai yarda ya maimaita shi a wannan takarda ya sa hannu ba, a cire shi kafin tallar ta fita.